Takardun Bashin Gwamnati: Inda Masu Ajiya Suke Yin Kuskure

Idan mutum ya sayi takardar baitulmali ko takardar lamuni ta gwamnati, rance ya bai wa gwamnati. Alkawarin da aka yi masa guda ɗaya ne: ranar kaza za a biya ka kaza. Yawancin asarar da masu taka-tsantsan suke yi a wannan harka tana faruwa ne saboda sun riƙe adadin kuɗin sun manta da ranar.

Takardar baitulmali ta gajeren zango ce, ba ta wuce shekara guda, kuma an fi fitar da ta kwana 91, 182 da 364. Ba a biyan kuɗin ruwa a kanta a tsakani. Ana sayar maka da ita ƙasa da kuɗin da aka rubuta a jikinta, ranar cikar wa'adi kuma a ba ka cikakken kuɗin. Kuskuren farko a nan yake. Mutum ya ji an ce rangwamen kashi 10 cikin ɗari ne, sai ya sayi ta kwana 91 yana jiran kashi 10 bayan wata uku. Alhali duk kason da aka ambata, na shekara ne. A takardar 100,000, rangwamen kwana 91 bai kai 2,500 ba, wato za ka biya kusan 97,500 ka karɓi 100,000. Da a ce ta kwana 364 ce, za ka biya wajen 90,000. A nan kuma lissafin ya fi abin da aka ambata daɗi, domin ribar 10,000 a kan 90,000 da ka fitar daga aljihu ta kai kusan kashi 11.1. Don haka kafin ka gwada ta da ajiyar banki mai wa'adi, raba ribar da abin da ka biya, sannan ka mayar da ita ma'aunin shekara. In ba haka ba, kana gwada abu biyu ne da awo daban-daban.

Kuskure na biyu shi ya fi cizo, kuma a takardar lamuni yake. Ita tana ɗaukar shekaru, daga biyu har zuwa talatin a ƙasashe da dama, tana biyan kuɗin ruwa tsayayye, galibi sau biyu a shekara. Mutane sukan ɗauka tunda gwamnati ce ta tsaya mata, duk ranar da suka so za su karɓi uwar kuɗinsu cif. Ba haka ba ne. Kafin wa'adi ya cika, ba dole ba ne gwamnati ta mayar maka da uwar kuɗinka, sai dai ka sayar wa wani a kasuwa, kuma mai saye shi ke da ta cewa.

Ga misali. Wata ta sayi takardar 100,000 ta shekara goma mai biyan kashi 10, wato 5,000 duk wata shida. Bayan shekara ɗaya babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa, sababbin takardu irin tata suna biyan kashi 13. A daidai lokacin buƙata ta taso mata, dole ta sayar. Wa zai ba ta 100,000 don ya riƙa karɓar 10,000 a shekara har shekara tara, alhali da kuɗin nan zai samu mai biyan 13,000? Sai ta sauke farashi har ribar mai saye ta yi daidai da kashi 13, wanda ke nufin wajen 84,000. Ta ci 10,000 a shekarar, ta rasa 16,000 a wurin sayarwa, ta tashi da giɓin 6,000. Gwamnati ba ta saɓa alkawari ba, ba a kuma cuce ta ba. Da shekara ɗaya kacal ta rage wa takardar, da farashin bai faɗi ƙasa da 97,000 ba. Tsawon wa'adin da ya rage shi ne ke auna girman faɗuwar.

Ba ƙananan masu ajiya kaɗai wannan tarko ke kamawa ba. Bankin Silicon Valley na Amurka ya tara takardu masu dogon zango lokacin da kuɗin ruwa ke ƙasa, aka ɗaga shi da sauri a 2022, masu ajiya suka fara janye kuɗinsu, ya sayar da wani kaso a kan asarar kusan dala biliyan 1.8, ya durƙushe a watan Maris na 2023.

Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana buƙatar mutum ya yi wa kansa gaskiya. Ka fara da ranar da za ka buƙaci kuɗin, sannan ka nemi takardar da wa'adinta zai cika a lokacin ko kafin lokacin. Kuɗin ko-ta-kwana, na rashin lafiya ko rasa aiki, ya zauna inda za ka ciro shi yau. Wanda za a kashe cikin shekara ya shiga takardar baitulmali. Takardar lamuni ta kuɗin da ka tabbata ba za ka taɓa ba ce. In kuma ba ka da tabbas, rarraba wa'adin: kashi ɗaya na wata uku, ɗaya na wata shida, ɗaya na shekara, ɗaya na shekara biyu ko uku. Ta haka ko yaushe akwai wadda ta kusa nuna, kuma idan kuɗin ruwa ya tashi, abin da ya dawo hannunka zai shiga sabon farashi.

Akwai kuma masu ruɗuwa da kason da aka rubuta a jikin takarda idan suna saye a hannun wani. Takardar 100,000 mai biyan kashi 15 tana da kyan gani, amma idan an sayar maka da ita 110,000 kuma shekara biyu ta rage mata, za ka karɓi 30,000 na ruwa, ranar ƙarshe kuma a ba ka 100,000, ba 110,000 ba. Ainihin ribarka wajen kashi 9.3 ce a shekara. Tambayar da za ka yi wa dillali ita ce nawa za ka samu a shekara idan ka riƙe ta har wa'adi, bayan an cire kamasho da haraji in akwai.

Sai hauhawar farashi, wadda ba ta bayyana a takardar asusu. Idan 100,000 ta zama 111,000 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 15, abin da za ta saya daidai yake da na 96,500 a bara. A ganina wannan shi ya sa bai kamata mai ajiya don tsufa ya zuba komai a nan ba. Aikin waɗannan takardu shi ne tsare kuɗin da aka san ranar amfaninsa, da rage girgizar sauran jarin mutum. Ba su cika haɓaka dukiya ba.

Ita ma gwamnatin takan gaza, ko da ba safai ba. Rasha ta kasa biyan takardunta na gajeren zango a 1998, Girka kuma a 2012 ta sa masu riƙe da takardunta yafe fiye da rabin kuɗin da ke rubuce. Idan ka ga wata gwamnati tana biyan riba da ta zarce ta takwarorinta nesa ba kusa ba, kasuwa ce ke cajin ta kuɗin tsoro. Kafin ka sa hannu, duba kaso nawa na kuɗin shigarta ke tafiya wurin biyan ruwan bashi, da kuma ko bashin da kuɗin ƙasarta ta ci shi ko da na waje.