Kafin ka taɓa hiberfil.sys da pagefile.sys: kurakuran da aka fi yi idan diskin C ya cika

Da yawa daga cikin kwamfutocin cinya na hannu da ake saye a Maroua, Garoua da Kousseri suna zuwa ne da ƙaramin diski mai giga 128, wanda Windows ke nuna shi kamar 119. Ba a daɗewa layin C ya koma ja. Mai ita ya goge hotuna, ya kwashe bidiyo, amma lissafi ya ƙi fita: akwai giga da dama da bai san inda suka shige ba. Sau da yawa suna cikin fayiloli biyu da Windows ke ɓoyewa a gindin C. Idan kana son ganinsu, buɗe cmd ka rubuta:

```
dir /a C:\
```

Za ka ga hiberfil.sys da pagefile.sys, kowanne da girmansa. Daga nan kuskuren farko yake farawa, wato ɗaukarsu a matsayin shara ko ƙwayar cuta. Windows ba zai bari ka goge su da hannu ba muddin yana aiki, kuma ko ka bi ta bayan gida ka goge, zai sake ƙirƙiro su da zarar ya tashi. Kowanne akwai ƙofar da ake bi a rage shi, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne, don haka hukuncinsu ma ba ɗaya ba ne.

Mu fara da hiberfil.sys. Shi ne wurin da Windows ke juye abin da ke cikin ram idan kwamfuta ta shiga dogon barci, abin da allon Faransanci ke kira Veille prolongée, na Turanci kuma Hibernate. Tana mutuwa gaba ɗaya, ba ta shan batir, amma idan ka kunna sai ka tarar da takardunka a buɗe yadda ka bar su. A Windows 10 da 11 girmansa yakan kai kashi 40 cikin ɗari na ram: mai giga 8 yana ba da kusan 3.2, mai 16 kuma 6.4. Umarnin kashe shi gajere ne, shi ya sa masu gyara ke saurin bugawa. Ana buɗe cmd da ikon mai gudanarwa, a rubuta:

```
powercfg /h off
```

Nan take fayil ɗin ya ɓace, wuri ya buɗe. Kuskuren shi ne yi wa kowace kwamfuta haka ba tare da an tambayi yadda ake aiki da ita ba. A ce ɗaliba ce a Jami'ar Maroua take rubuta kundinta a kwamfutar cinya mai ram 8, batirin ya sha zafi ya gaji, ba ya riƙe wuta kirki. An ɗauke wuta da rana tsaka, ta rufe murfin ta tafi salla. Idan dogon barci yana nan, Windows zai iya juye aikinta a diski lokacin da batir ya kusa ƙarewa. Idan an kashe shi, abin da bai sami adanawa ba yana cikin ram kawai, ram kuwa ba ta riƙe komai in babu wuta. An sayar da aikin yini saboda giga 3. A ganina, a ƙasar nan da wuta ba ta da tabbas, kwamfutar cinya ta fi kowa bukatar wannan fayil, kuma ina roƙon masu gyara su daina kashe shi ba tare da sun gaya wa mai kaya ba.

Kwamfutar tebur a shagon buga takardu daban take. In ba ta da na'urar riƙe wuta, ana ɗaukewa take mutuwa, babu lokacin juye komai, don haka dogon barci ba ya cetonta idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Nan kashe shi daidai ne. Daga cikin abin da za ka rasa akwai Démarrage rapide, saurin tashin da ya dogara da wannan fayil, kuma a diski irin na zamani da kyar za ka lura da bambancin. In kana son saurin tashin ba tare da dogon barci ba, akwai matsakaiciyar hanya da ke mayar da fayil ɗin kusan kashi 20 cikin ɗari, wato 1.6 maimakon 3.2:

```
powercfg /h /type reduced
```

Sai dai ka sani, wannan ma yana cire Veille prolongée daga zaɓi. Bai dace da ɗalibar can ba.

Babban kuskure kuwa a pagefile.sys ake yinsa, wato wurin da Windows ya ware a diski don ajiye abin da ya yi wa ram yawa. Za ka ji ana cewa, “Ai ram ɗinka ta isa, cire shi kawai.” Abin da ba a gane ba shi ne, duk manhajar da ta nemi wuri, Windows yana yi mata alkawari ne, kuma ba ya alkawarin da ya wuce jimillar ram da pagefile.sys. Kamar mai shago ne da ke karɓar odar kaya gwargwadon abin da ke kan kanta da abin da ke sito. Ka rushe siton, dole ya fara mayar da mutane. Alamomin sananne ne: shafukan burauza suna mutuwa, manhajar zane tana rufe kanta ana tsakiyar aiki, saƙo ya fito cewa wurin aiki ya yi ƙaranci. Mai kwamfuta ya koma wurin mai gyara yana zaton ƙwayar cuta ce.

Ba sai an yi gardama ba, kwamfutar da kanta za ta faɗa. Ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa a ranar da aiki ya yi yawa, ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, sannan Mémoire, ka duba lambobi biyun da ke ƙarƙashin Validée, wanda a Turanci aka rubuta Committed. A ce ka ga 9.5/11 a kwamfuta mai ram 8. Lambar farko alkawarin da aka riga aka ɗauka ne, ta biyu kuma iyaka. Tunda 9.5 ya wuce 8, wannan kwamfuta ba za ta iya aikinta na yau da kullum ba in babu pagefile.sys. Ko da lambar farko tana ƙasa sosai, ban ba da shawarar cire shi kwata-kwata ba, domin da shi Windows ke ajiye bayanin abin da ya faru idan shuɗin allo ya fito, kuma bayanin nan ne mai gyara zai karanta ya gano direban da ke da laifi.

To yaushe ake rage shi? Idan Windows ne ke kula da girmansa, yana iya kumbura har ninki uku na ram, amma ba ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na diskin, wato kusan giga 15 a kan 119. In ka tarar ya yi irin wannan girma, fara da Redémarrer, domin sau da yawa wata manhaja ce ta yi ta cin wuri, kuma yakan sauka bayan an sake tashi. In ya ci gaba da kumbura, rubuta sysdm.cpl a cmd, ka bi saitin Performances har zuwa Mémoire virtuelle, ka sa masa iyaka da hannu. A misalinmu, farko 2048 da ƙarshe 6144 suna kai iyakar zuwa kusan giga 14, sama da 9.5 da tazara mai kyau. Lambobin nan da mega ake rubuta su. Wanda ya sa 4 yana nufin giga huɗu, mega huɗu ne kacal ya rubuta, kuma Windows ba zai karɓi ƙasa da mega 16 ba. Kuma a danna Définir kafin OK, in ba haka ba saitin ba zai zauna ba.

Mai diski na biyu a cikin kwamfutar zai iya mayar da mafi yawan pagefile.sys can, ya bar kamar giga 1 a C saboda bayanin shuɗin allo. Bayan kowane canji, a sake tayar da kwamfutar, a yi aiki da ita kwana biyu, a koma a duba Validée. Idan lambar farko tana matsowa kusa da ta biyu, an matse shi da yawa, sai a ƙara ko a mayar da shi kan Taille gérée par le système.