Yadda ake fassara rubutun da ya yanke a tsakiyar jimla

A ce an turo maka hoton yarjejeniyar hayar shago ta WhatsApp, an rubuta ta da Turanci, mai haya yana so a mayar masa da ita Hausa kafin ya sa hannu. Shafi uku suka iso. Layin ƙarshe na shafi na uku yana cewa mai haya ne zai ɗauki nauyin gyaran rufi "sai dai idan", daga nan babu komai.

Abin da za ka fara yi shi ne ka tabbatar yankewa ce ta gaske. Duba ƙasan shafi ko an sa lamba irin "3 cikin 4". Duba gefen hoton, domin sau da yawa mai ɗauka ne ya sare layukan ƙasa, ko ya manta takardar tana da rubutu a baya. Yarjejeniyar da ba ka ga wurin sa hannu da sunayen shaidu ba, kusan tabbas akwai sauranta. Idan kuma ta saƙon tes aka turo rubutun, ka tuna saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma da zarar an sa harafi mai ƙugiya kamar ƙ ko ɗ sai ya koma 70, don haka wani yanki na iya maƙalewa a hanya.

Sai ka nemi sauran wurin wanda ya ba ka aikin. Yawanci a nan magana take ƙarewa. Amma idan ya ce iyakar abin da aka ba shi ke nan, kuma yana jira, to ka fassara har inda tawada ta tsaya, ka tsaya tare da ita.

Nan ne hannu yake ƙaiƙayi. Duk wanda ya saba da takardun haya zai ji kamar ya san ƙarashen: sai dai idan iska ko ruwan sama ne suka yi ɓarnar. Zai iya zama haka. Zai kuma iya zama "sai dai idan wanda ya ba da hayar shagon ya amince a rubuce cewa shi zai biya", wanda ke nufin ko guguwa ce ta kwashe kwanon, aljihun mai haya za a taɓa. Ranar da rigima ta kai gaban alƙali, takardar Turancin za a karanta, kai kuma ka sa mutum ya sa hannu a kan sharaɗin da babu shi. Ɗaya kuskuren, wanda a ganina ya fi muni saboda ba ya nuna kansa, shi ne a jefar da "sai dai idan" a ɗiga aya bayan "rufi" don jimla ta yi kyau. An mayar da wajibi mai togaciya ya zama wajibi kai tsaye.

Ga yadda layin ya kamata ya fito:

Mai haya ne zai ɗauki nauyin gyaran rufi, sai dai idan [rubutun asali ya yanke a nan, ƙarshen shafi na 3]

Kada ka sa aya a ƙarshe. Kada kuma ka wadatu da ɗigo uku kawai, domin mai karatu zai ɗauka marubucin ne ya ja numfashi, ko kai ne ka taƙaita. Baka mai kusurwa ita ce ke nuna cewa maganar ta mai fassara ce, ba ta cikin takarda ba.

Idan yankewar ta faɗa a kan lamba, a ƙara hattara. "Naira 25" a bakin shafi na iya zama 25,000 ko 250,000. Kwafi abin da ka gani, ka rubuta a baka cewa adadin bai cika ba. Haka rabin kalma: ka kwafi haruffan yadda suke, ka bar su ba fassara. Wani lokaci ma Turanci kan jero siffofi kafin ya ambaci abin da ake siffantawa, sai a yanke kafin sunan ya zo. Hausa kuwa tana bukatar sanin jinsi: sabo ne ko sabuwa? Kada ka zaɓa. Faɗi a baka cewa an ambaci wani abu sabo wanda sunansa bai fito ba.

Bayan haka ka rubuta wa mai aikin gajeren bayani daban, a saman fassarar inda ba zai tsallake ba: takardar ba ta cika ba, ta tsaya a sharaɗin gyaran rufi, kada a sa hannu sai an ga shafi na huɗu. In kana da hasashe, a nan ne wurinsa, kuma ka kira shi hasashe.

Idan sauran ya iso, kada ka liƙa shi a bayan abin da ka riga ka yi. Koma farkon jimlar ka sake fassara ta gaba ɗaya, sannan ka leƙa sharuɗɗan baya, domin shafin ƙarshe kan zo da bayanin da zai canza yadda ka fahimci wata kalma tun a shafi na ɗaya.