Darasi na 7: Mayar da takardar kaya zuwa tebur

Ga saƙon da wani mai kanti a babbar kasuwar Tawa ya rubuto a waya:

"Alhaji ga kayanka, shinkafa buhu 2 kowane 14.000, mai lita 5 a 6.500, sabulu 12 dala hamsin-hamsin, amalanke 500, duka 38.000."

Ku ɗauki takarda, ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Kun sami gida huɗu ke nan. A kan kowane gida ku rubuta sunansa, daga hagu zuwa dama: Kaya, Yawa, Kuɗin ɗaya, Jimla. Kowane kaya da layinsa, kada biyu su haɗu.

Mu fara da shinkafa. An ce "kowane", to 14.000 kuɗin buhu ɗaya ne. Buhu 2 sun kama 28.000. Wannan ba wuya.

A kan mai ne ake faɗuwa. Kafin ku rubuta kowane kuɗi, ku tsaya ku tambayi kanku: na ɗaya ne, ko na duka? Mai kanti bai ce "kowace" ba, 6.500 kawai ya rubuta. Akwai inda ake sayar da litar mai ɗaya 6.500? Babu. Ashe kuɗin lita biyar ɗin ne gaba ɗaya, gidansa Jimla. Ku raba shi biyar, ku sami 1.300, shi za ku sa a Kuɗin ɗaya. A hankali, ba mai korar ku.

Na ɗaya ne, ko na duka? Ku sake faɗa da baki. Wanda ya yi garaje ya sa 6.500 a gidan Kuɗin ɗaya, mansa zai tashi 32.500, takardar ta kai 64.000. Ku da kuke ciniki tun kafin a haife ni, a kasuwa ba mai cutar ku haka, to don me a kan takarda? Ban son in sake ganin wannan a allo.

Sabulu kuma, "hamsin-hamsin" na ɗaya ne. Amma dala tamma biyar ce, kuma a tebur tamma ake rubutawa: 250, ba 50 ba. Sabulu 12 sun kama 3.000.

| Kaya | Yawa | Kuɗin ɗaya | Jimla |
|---|---|---|---|
| Shinkafa, buhu | 2 | 14.000 | 28.000 |
| Mai, lita | 5 | 1.300 | 6.500 |
| Sabulu | 12 | 250 | 3.000 |
| Amalanke | 1 | 500 | 500 |
| Duka | | | 38.000 |

Ku tara gidan ƙarshe kaɗai. In bai yi daidai da na mai kanti ba, ku koma kan mai tukuna, sannan dala. In har yanzu bai fita ba, a kira shi a tambaye shi, kada ku canza lamba da kanku.

Aikin gida: sukari kilo 4 a 3.200, madara gwangwani 6 dala ɗari-ɗari. Ku zana tebur, ku kawo ranar Laraba.