Neman wa darakta lokacin ganawa da abokin hulɗa na waje: inda wasiƙar take ɓaci

Umarnin yakan zo a gajarce. Darakta zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A haɗa ni da mutanen nan kafin wata ya ƙare," ya wuce. Sauran aikin na mataimaki ne, kuma ma'auninsa ɗaya ne: wanda aka aika wa wasiƙar ya iya amsawa da layi guda, "Alhamis ta yi mana." Duk wasiƙar da ta sa shi ya dawo da tambaya ta ƙara kwana ɗaya ko biyu, kuma kafin amsa ta zo wani ya cinye gurbin da ake hari a kalandar darakta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. Darakta yana Landan, shugabar kamfanin da suke hulɗa tana New York, yarjejeniyar da ke tsakaninsu za ta ƙare a ƙarshen Afrilun 2026, yana son su tattauna sabunta ta ta bidiyo. Ga irin wasiƙar da aka saba gani:

"Ranki ya daɗe, da fatan kina lafiya. Daraktanmu yana son ganawa da ke domin tattauna wasu muhimman batutuwa. Don Allah ki sanar da mu lokacin da kike da sarari. Na gode."

Ladabi ya cika, amma babu abin da za a kama. Wane batu? Minti nawa? Ido da ido ko ta waya? Wa ya rubuto ma? "Muhimman batutuwa" ita ce ta fi ɓarna, domin wanda aka yi wa ɓoyon dalili yakan zaci abu mafi muni: ƙorafi ne, ko za a janye daga yarjejeniyar. Sai ta ja ƙafa, ko ta zo da lauyanta zaman da ba ya buƙatar lauya. Gyaran jimla ɗaya ce da ke faɗin batun da abin da ake so a tashi da shi: a tattauna sabunta yarjejeniyar, a amince da wanda zai tsara sabon daftari. In mataimaki bai san dalilin ba, kada ya ƙirƙira. Ya koma wajen darakta da tambayoyi a dunƙule: me ake so a cimma, wa zai zauna, minti nawa, wace rana ce iyaka. In kuma batun na sirri ne, a tambayi darakta kalmomin da ya yarda a rubuta, ko da "tsarin aikinmu na baɗi" ne kawai.

Sai kuma "sanar da mu lokacin da kike da sarari". Mutane suna rubuta ta ne da niyyar girmamawa, amma a aikace jibga wa ɗaya ɓangaren aiki ne. Za a aiko da rana, ta ci karo da tafiyar darakta, a nemi wata, a yi ta kai da kawo. Wanda ke neman ganawar shi ne ke kawo lokuta. Uku sun isa, a ranaku daban-daban, ba uku a jere a yini ɗaya ba, don in tana tafiya ranar duk sun faɗi tare. A bar ƙofa a buɗe da cewa in babu wanda ya dace su kawo nasu. Abin da ake yawan mantawa shi ne a riƙe guraben ukun a kalandar darakta tun kafin a tura wasiƙar. A Outlook ana sa su a matsayin Tentative, a rubuta sunan ganawar a kai. In ba a yi haka ba, amsa za ta zo bayan kwana biyu cewa Talata ta yi, a duba a ga an ba wani Talatar, sai ka koma ba da haƙuri a kan lokacin da kai da kanka ka bayar. Riƙon kuma ba na har abada ba ne, shi ya sa ake faɗin ranar da za a sake su. Da zarar an zaɓi ɗaya, a goge sauran biyun nan take. Darakta ba ya son ganin kalandarsa cike da zaman da babu su.

Inda na fi so a tsaya shi ne agogo, don nan ne ƙwararru ma suke faɗawa. Duk mai wannan aiki ya haddace cewa Landan tana gaban New York da awa biyar. Gaskiya ne a yawancin shekara, amma ba kullum ba. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, Birtaniya kuwa sai Lahadin ƙarshe ta watan. A 2026 ranakun su ne 8 da 29 ga Maris. Tsakanin waɗannan ranaku, mako uku cur, tazarar awa huɗu ce. Ganawarmu ta faɗa daidai cikin wannan tsakanin. Mataimakin da ya cire biyar da ka zai rubuta cewa ƙarfe 3:00 na yamma a Landan ita ce 10:00 na safe a New York, alhali 11:00 ce. Shugabar za ta shiga ƙarfe goma ta zauna ita kaɗai, ta gaji ta fita, darakta ya shigo bayan awa ɗaya ya tarar ba kowa, kowannensu yana ganin ɗayan ne ya raina shi. Haka yake maimaituwa a ƙarshen Oktoba, na mako guda, saboda Birtaniya ke fara mayar da agogonta baya. Wasu ƙasashen ba sa taɓa agogonsu sam, don haka tazararsu da Landan tana sauyawa sau biyu a shekara, Indiya kuma tazararta har da rabin awa.

Maganin shi ne kada a yi lissafin da ka. A saka agogon ɗaya birnin a kalanda, Outlook da Google Calendar duk suna nuna agogo na biyu a gefe, sannan a duba ainihin ranar ganawar, ba ranar da ake rubutun ba. A wasiƙa a rubuta lokacin biranen biyu da sunayensu. Gajerun haruffa irin su GMT da EST suna ruɗarwa, don mutane suna rubuta su ko a watannin da agogon ya sauya. Ita ma ranar a rubuta watanta da kalma: 03/04 ga ɗan Landan 3 ga Afrilu ce, ga ɗan New York 4 ga Maris. A haɗa da sunan ranar mako, a kuma tabbatar sun dace, don "Laraba, 17 ga Maris" alhali 17 Talata ce ita kaɗai ta isa ta jawo wata wasiƙar.

Akwai kuma batun muryar wa ke magana. Wasu mataimaka suna rubutu daga akwatin darakta da "ina so mu gana", su sa sunansa a ƙasa ba tare da ya gani ba. Shugabar ta amsa da wata magana ta tsakaninsu, tana zaton shi take yi wa. Wasu kuma suna rubutu da nasu sunan amma ba su faɗi matsayinsu ba, sai a ɗauke su 'yan talla. Layin farko ya warware wannan: ni wane ne, mataimakin wane, a madadinsa nake rubutowa. Kuma iyakar mataimaki lokaci da wuri ne. Jimla kamar "darakta a shirye yake ya duba sharuɗɗan biyan kuɗi" alkawari ce, za a riƙe ta a teburin tattaunawa, alhali ba shi ya faɗa ba. In shugabar tana da mataimakiya, ita ake rubuta wa, don kalandar tana hannunta. Tsallake ta ba ya kawo sauri, wasiƙar wajenta za ta dawo.

Ga wasiƙar bayan gyara, da taken "Neman ganawa ta minti 30: sabunta yarjejeniya, 17 zuwa 24 ga Maris":

"Malama, barka da aiki. Ni ne mataimakin Darakta wane, a madadinsa nake rubutowa. Yana so ya gana da Shugaba ta bidiyo na minti 30, su tattauna sabunta yarjejeniyarmu da za ta ƙare a ƙarshen Afrilu, su kuma amince da wanda zai tsara sabon daftari. Shi da shugaban sashen kuɗi ne za su halarta daga wajenmu. Na riƙe masa waɗannan lokuta: Talata 17 ga Maris, 11:00 na safe agogon New York, wato 3:00 na yamma a Landan, ko Alhamis 19 ga Maris, 10:00 na safe, wato 2:00 na rana a Landan, ko Talata 24 ga Maris, 11:30 na safe, wato 3:30 na yamma a Landan. Zan riƙe su zuwa Alhamis 12 ga Maris. In babu wanda ya dace, ki ba ni biyu daga wajenku. Da kin zaɓa zan aiko da gayyatar kalanda. Na gode."

A lura an fara da agogon mai karɓa, don shi zai duba kalandarsa. An kuma faɗi wanda zai zo tare da darakta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: shugabar da ta shigo ita kaɗai ta tarar da mutum uku za ta ji an yi mata taron dangi, da an gaya mata kuwa ita ma ta zo da nata mai lissafin.

Gayyatar kalanda tana zuwa ne bayan an amince, ba kafin ba. Jefa wa baƙo gayyata ba tare da tambaya ba kamar ka ba shi umarni ne. Idan lokacinta ya yi, a sa mahaɗin Zoom ko Teams a ciki, da lambar wayar da za a kira in mahaɗin ya ƙi, a kuma gwada cewa wanda ba ɗan kamfani ba zai iya shiga, don wasu ofisoshi suna tsare baƙi a ɗakin jira har sai mai shirya zaman ya buɗe musu. In mataimaki ne ya shirya shi kuma ba ya ciki, ya ba darakta ikon buɗewa.

Hattara da Forward. Sau da yawa darakta yana turo umarninsa a kan tsohuwar wasiƙa, da ɗan tsokaci irin "kada a ba su fiye da rabin awa, suna da surutu". Mataimaki ya ɗora nasa rubutun a sama ya tura waje, tsokacin yana ƙasa. Wasiƙar waje sabuwa ake buɗewa, ko yaushe.

In shiru ya yi yawa, bayan kwana biyu ko uku na aiki a sake rubutu a kan wasiƙar farko, gajere, a faɗi lokutan da suka rage. In kuma darakta ne ya tada zaman da aka riga aka tsayar, a sanar da wuri, a ba da haƙuri sau ɗaya ba tare da dogon labarin dalili ba, a haɗa da sababbin lokuta a wasiƙar nan, wannan karon waɗanda suka fi yi wa ɗaya ɓangaren daɗi. Sannan a gyara tsohuwar gayyatar maimakon a aika sabuwa a bar ta farko tana nan, in kuwa sabuwar ranar ta tsallake 29 ga Maris, a sake duba agogo, don tazarar ta koma awa biyar.