Yadda Za Ka Tsara Sanarwar Taro

Sanarwar taro takan faro da doguwar gaisuwa, rana da wuri su ɓuya a ƙasa. A WhatsApp dogon saƙo yakan yanke, mai karatu yana gona ko kasuwa, ba zai danna ci gaba ba.

Da farko, faɗi dalilin taron a layi ɗaya: taron manoma kan rabon taki.

Sai rana. Rubuta sunanta da kwanan wata, Asabar 14 ga wata. Kada ka ce gobe ko jibi, domin za a yi ta tura saƙon, wanda ya gani bayan kwana biyu zai zo an watse. In ka sa watan Musulunci, haɗa da na boko.

Sannan lokaci: ƙarfe 4:30 na yamma, bayan La'asar. Dattawa da sallah suke lissafi, ka ba su duka biyun.

Wuri kuma ka faɗi gari da alama, makarantar firamare kusa da masallacin Juma'a.

Gaisuwa da sunayen manyan baƙi su biyo baya. Kafin ka tura, karanta wa wani layuka huɗun farko, ka tambaye shi ina ne, yaushe ne.