Motsa Jiki Ga Mai Juna Biyu a Ƙasar Waje

'Yar'uwa, ranar da kika je awon farko, kada ki yi mamaki idan ungozoma ta tambaye ki ko kina motsa jiki. Ga mai lafiyayyen ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 a mako, kamar minti 30 sau biyar ke nan. In ba ki saba ba, ki fara da tafiyar minti 15 sau uku a mako, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Bakinki ne ma'auninki: muddin kina iya hira kina tafe, lafiya lau. Da zarar haki ya fara yanke miki magana, kin wuce gona da iri, ki sassauta.

A watanni ukun farko, abin gudu shi ne jiki ya ɗau zafi sosai, domin lokacin ne gaɓoɓin jariri ke haɗuwa. Wuraren motsa jiki a nan sukan haɗa da sauna, wato ɗakin gasa jiki da zafi, da kwamin ruwan zafi, har da yoga a ɗaki mai zafi. Duk ki bar su har ki sauka. Tafiya da ninƙaya sun wadatar, ranar da laulayi ya matsa kuma ki huta.

Daga wata na huɗu ƙarfi yakan dawo, amma akwai abin da mata da yawa ba su sani ba. Bayan mako 16, daɗewa a kwance rigingine yana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A ce kina ajin motsa jiki, malama ta ce kowa ta kwanta ta ɗaga ƙafafu, sai kika ji jiri da tashin zuciya, gumi na keto miki. Ki juya gefen hagu nan take, zai lafa. Shi ya sa nake ganin wajibi ne ki gaya mata kina da ciki tun ranar farko, ko bai fito ba.

A watannin ƙarshe gaɓoɓi sun saki, ciki ya rinjayi gaba, faɗuwa ba wuya. Lokacin ƙanƙara ki yi tafiyarki a cikin gini, ko ki hau keken da ke kafe wuri ɗaya. Shiga ruwa ma yana rage wa baya nauyi. Hawan doki, zamiyar ƙanƙara, nutso da tukunyar iska da duk wasan da za a iya bugun ciki, waɗannan babu su daga farko har ƙarshe.

Idan kika ga jini ko ruwa na zuba, ko ƙirji ya riƙe, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko mara na murɗawa a kai a kai, ki tsaya ki kira sashen haihuwa, ko da tsakar dare ne. Wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, ko mabiyiya ta tare mata hanya, ko take da hawan jinin ciki, sai abin da likitanta ya ce.