Darasi na Shida: Kaurin Man Haidirolik da Matatarsa

Hannun katafila mai haƙa ba da sarƙa ko giya yake ɗaga ƙasa ba, da mai yake yi. Famfo ne ke tura mai da ƙarfi cikin tiyo, bawul kuma ya karkatar da shi zuwa wurin da direba yake so. A cikin famfon akwai ƙarafa da ke zamewa a kan juna da sauri, kuma abin da ke hana su gugar juna shi ne ɗan siririn shafen mai da ke tsakaninsu. Abu biyu ne ke lalata wannan shafe: mai ya tsinke, ko datti ya shiga.

Lambar da ke jikin duro

Ka duba jikin duron mai, za ka ga an rubuta ISO VG 32, ko 46, ko 68. Wannan lamba tana nuna kaurin man ne lokacin da zafinsa yake digiri 40. Babbar lamba, mai kauri. Amma kauri ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kamar man ja ne: da sanyin safiya yana daskarewa a kwalba, in ya ji wuta sai ya zama ruwa.

Yawancin famfunan manyan injuna sun fi jin daɗin aiki idan kaurin mai yana tsakanin 16 da 36 a wannan ma'auni. In ya sauka kusa da 10, an shiga haɗari. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: nawa ne zafin man a cikin tanki lokacin da aiki ya kankama?

Mu ɗauki misali. Ga katafila tana haƙar burji a wajen Kano cikin watan Afrilu, zafin gari ya kai digiri 40. Man da ke cikinta mai lamba 46 ne. Da hantsi zafin tanki yana kusan digiri 60, kaurin man ya sauko kusa da 20, aiki yana tafiya lafiya lau. Bayan azahar sai direba ya ce wa makanike, "Maigida, hannun nan ya mutu, da ƙyar yake ɗaga bokiti." Aka auna tanki, aka ga digiri 80. A wannan zafi kaurin mai lamba 46 ya koma kusan 11. Man ya tsinke har yana sulalewa ta tsakanin ƙarafan famfo maimakon ya tura hannu. Wannan yoyon na ciki shi ma zafi yake ƙarawa, zafin kuma ya ƙara tsinka man. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, amma famfo yana cin kansa.

Da mai lamba 68 ne a ciki, kaurinsa a digiri 80 zai kai kusan 15, wato da ɗan sauƙi. Sai dai kada ka yi saurin juye mai. Digiri 80 ya yi yawa ko da wane mai ne, domin daga nan robobin da ke toshe yoyo suke fara ƙeƙashewa, man kuma yana saurin tsufa. Fara duba lagireton da ke sanyaya mai. Sau da yawa za ka tarar ƙura ta toshe haƙarƙarinsa, ko bel ɗin fanka ya saki. In an wanke shi, zafi ya sauko 60 zuwa 65, to mai lamba 46 ya isa. In kuwa komai lafiya amma zafi yana tsayawa sama da 70 kullum, sai a koma 68, bayan an duba littafin injin an ga ya yarda da haka.

Kauri da yawa ma yana da nasa sharrin. Da asubahin hunturu, musamman a wuri mai sanyi irin Jos, mai lamba 68 yana yi wa famfo wuyar zuƙa. Za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki. Wannan ƙara kumfa ce ke fashewa tana ɓantarar ƙarfe. Maganinta shi ne a bar injin ya yi ɗumi, ana motsa hannu a hankali ba tare da kaya ba. Akwai kuma man da aka rubuta wa HV ko HVLP, wanda kaurinsa ba ya canjawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Ya fi tsada, amma a ganina ya cancanci kuɗinsa ga injin da ke tashi cikin sanyi ya wuni cikin rana.

Dattin da ido ba ya gani

Ana auna datti da maikiron. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin silin gashi kusan maikiron 70 ne, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza 40. Ratar da ke cikin famfo da bawul kuwa ba ta wuce 'yan maikiron kaɗan ba. Ke nan mai zai iya zama garau a kwalba alhali yana cike da abin da zai karce famfo ko ya maƙale bawul. In hannun katafila yana fizga, ko yana saukowa da kansa bayan an saki liba, datti yana cikin abubuwan da za a fara zargi.

Idan ka je sayen matata, kada ka tsaya a kan "maikiron 10" kawai. Nemi wannan alama a jikin kwali:

β10 = 200

Ma'anarta, in ƙwayoyin datti 200 masu girman maikiron 10 ko fiye suka shiga, ɗaya ce kawai za ta wuce. Wata matatar kuma β10 = 2 ce, wato rabi ne take kamawa. Ka tura ƙwaya 1,000: ta farko za ta saki 5, ta biyu za ta saki 500. Dukkansu ana kiransu "maikiron 10" a kasuwa, kuma a waje kamarsu ɗaya.

Matata in ta cika, mai ba ya tsayawa. Akwai ɗan bawul a jikinta da ke buɗewa ya bar mai ya kewaye ta ba tacewa. Injin zai ci gaba da aiki, direba ba zai ji komai ba. Shi ya sa ake duba alamar toshewa, ana duba ta ne bayan mai ya yi ɗumi, domin mai sanyi yana iya nuna toshewar ƙarya. In ka cire tsohuwar matata, yanka ta ka buɗe takardar a hasken rana. Ƙyalƙyalin rawaya na nuna tagullar cikin famfo ta fara cinyewa.

Sabon mai daga duro ma ba tsaftatacce ba ne. Tsohuwar jarka da mazurarin da ya kwana a buɗe suna ƙara masa ƙasa. A zuba shi ta cikin matata, a goge bakin tanki kafin a buɗe. Sannan a kula da murfin numfashi na tanki, domin duk lokacin da hannu ya miƙe ko ya lanƙwashe, tanki yana shaƙar iska ko fitar da ita, a lokacin hunturu kuwa iskar cike take da ƙura. Man da ya yi fari kamar madara, ruwa ne ya shiga. Ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi tartsatsi, to ruwa ne.

Aikin yi

1. Karanta lambar da ke jikin duron manku, ka rubuta ta a littafinka.
2. Auna zafin tanki da hantsi da kuma bayan azahar. Nawa ne bambancin?
3. Matata mai β10 = 100 ta karɓi ƙwaya 1,000. Nawa za su wuce?